Harajin VAT: yadda ake ɗora shi a kan farashi da yadda ake zare shi daga rasit

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan ofis a Kasuwar Gumi, kuma ina da rajistar VAT. Na ba wani kamfani a Kakuri farashin kujeru 20 a kan ₦43,000 kowace, ₦860,000 ke nan. Da na kai takardar neman biya na ɗora VAT a kai, sai akantansu ya ce ai VAT yana ciki. Na cire kashi 7.5 daga ₦860,000 na sami ₦64,500, shi kuma ya ce ₦60,000 ne. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan riƙa yi nan gaba?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In dai VAT yana cikin ₦860,000 ɗin, lissafin akantan ne daidai, ₦60,000 ne harajin, kuɗin kujerunka kuma ₦800,000. Naka ₦64,500 ɗin ma ba daga sama ya faɗo ba, shi ne harajin da za a biya da a ce ₦860,000 tsurar kuɗin kaya ne, haraji na zuwa a kai. Wato ku biyun kuna amsa tambayoyi ne daban-daban da lamba ɗaya.

Kashi 7.5 cikin ɗari da doka ta sa, a kan kuɗin kaya ake lissafa shi kafin haraji ya hau. Ba a kan jimillar da mai saye ya biya ba. Idan kaya na ₦100 ne, haraji ₦7.50, mai saye ya miƙa ₦107.50. To ka ɗauki wannan ₦107.50 ka ce za ka cire kashi 7.5 ɗinta, abin da za ka samu ₦8.06, alhali kai da kanka ka san ₦7.50 ka ɗora. Ƙarin ya fito ne daga harajin da ke kwance a ciki, wanda ka sake yi wa haraji. Haka ta faru da kai. Tsakanin ₦64,500 da ₦60,000 akwai ₦4,500, kuma in ka danna kalkuleta za ka ga ₦4,500 daidai yake da kashi 7.5 na ₦60,000.

Ɗan kasuwa ya san wannan a wajen la'ada. Idan mai gida ya ce wa dillali miliyan goma nake so a hannuna, la'adarka ka nema a kai, abu ɗaya ne. Idan kuma ya ce ka sayar miliyan goma ka ɗauki la'adarka a ciki, wani abu ne daban, ko da kason la'adar bai canza ba. Rigima takan tashi ne inda ba a faɗi ko a kai ne ko a ciki ba, sai da kuɗi ya shigo.

Ɗorawa ba ta da wuya. Ka ninka farashin da 0.075 ka sami haraji, ka haɗa. Ko ka ninka da 1.075 kai tsaye ka sami jimilla. A kujerunka, ₦860,000 sau 0.075 ya ba da ₦64,500, jimilla ₦924,500, kowace kujera ta tashi ₦46,225. Wannan ita ce takardar da ka kai musu.

Zarewa ce take son natsuwa, domin rabawa ake yi, ba ragewa ba. Tunda da 1.075 aka ninka wajen hawa, da 1.075 za a raba wajen sauka. ₦860,000 a raba da 1.075 ya ba da ₦800,000 cif. Ka debe wannan daga jimillar, saura ₦60,000, shi ne harajin. A kan kujera ɗaya, ₦43,000 ta rabu gida biyu, ₦40,000 naka, ₦3,000 na gwamnati.

Akwai gajeriyar hanya da akantoci suke bi in harajin kawai suke son gani. Kashi 7.5 cikin 107.5, in ka taƙaita shi, 3 ne cikin 43. Ma'ana kowace ₦43 da ta shigo aljihunka da VAT a ciki, ₦3 haraji ne, ₦40 kuɗin kaya. Sai ka raba jimillar da 43 ka ninka da 3. ₦860,000 a raba da 43 ya ba da ₦20,000, sau 3 ya zama ₦60,000. Ni na fi son wannan hanyar, don ko a bayan takardar siminti mutum zai iya yin ta. In ka mayar da 3 cikin 43 zuwa kashi cikin ɗari, kusan 6.98 ne. Wasu sukan ce to ai kashi 7 ne, su yi amfani da 7. A kan sayayyar dubu biyar ba wanda zai lura, amma a naka zai ba da ₦60,200, kuma wannan ₦200 ɗin ya isa ya sa takardarka ta ƙi dacewa da ta kamfanin, a dawo maka da ita. Kashi 7 na ƙiyasi ne a ka, kada ya hau takarda.

Kowane lissafi ka yi, ka gwada shi ta hanyar komawa baya. Ka ɗauki abin da ka ce shi ne kuɗin kaya, ka ninka da 1.075, dole ya mayar da kai kan jimillar rasit. ₦800,000 sau 1.075 ya dawo ₦860,000. Naka kuwa, da ka cire ₦64,500 saura ₦795,500, ka ninka shi da 1.075 sai ya tsaya a ₦855,162.50. Bai koma gida ba, to akwai kuskure. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma shi ne abin da zan fara yi in aka miƙo mini kowace takarda da ake gardama a kanta.

In a kwamfuta kake aiki da Excel, ka sa farashin a gidan A2. Na ɗorawa, haraji a B2, jimilla a C2:

```
B2: =ROUND(A2*0.075,2)
C2: =A2+B2
```

Na zarewa, inda A2 jimilla ce mai VAT a ciki, kuɗin kaya a B2, haraji a C2:

```
B2: =ROUND(A2/1.075,2)
C2: =A2-B2
```

Ka lura ban lissafa duka biyun daban-daban ba. Ɗaya na lissafa, ɗayan na samo shi ta haɗawa ko debewa. Da gangan ne, don kada kwabo ya ɓace a tsakani, jimilla ta ƙi cika.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato ko VAT ɗin yana ciki ne ko a kai. Wannan ba kalkuleta ce za ta raba ba, takardar farashin da ka ba su tun farko ce. Ka ɗauko ta ka duba. In ka rubuta cewa farashin ban da VAT, ko ka sa layin VAT a ƙasa, to ₦924,500 kake bin su, akantan ba shi da ta cewa. Haka nan ka duba takardar odar da suka aiko maka, don sau da yawa a can ƙasa da ƙananan rubutu za ka ga sun ce farashin ya haɗa da dukkan haraji, kai kuma ka sa hannu ba ka karanta ba. In kuwa takardarka shiru ta yi, tasu ma shiru, gaskiya ƙafarka ba ta da ƙarfi. Mai saye zai ce abin da aka gaya masa zai biya ke nan, kuma da shi ya kwatanta ka da sauran masu kawo kaya har ya zaɓe ka. Dokar VAT kuma, wajen ƙimanta abin da aka sayar, cewa ta yi ƙimar kaya ita ce adadin da in aka haɗa shi da haraji zai yi daidai da abin da aka biya. Saboda haka in ₦860,000 kaɗai ya shigo hannunka, hukumar haraji za ta ɗauka harajinta na ciki, ta nemi ₦60,000. Ba za ta saurari cewa mai saye ya ƙi biya ba. Kai ne mai karɓa a madadinta, kai za ta riƙe.

Bari mu ga abin da wannan shirun ya ci maka, don ba ₦4,500 ba ne. Ba ka faɗi nawa ka saro kujerun ba, sai mu ƙaddara ka saro su ₦645,000 daga wani babban dila mai rajista, ya ba ka rasit da ya nuna kuɗin kaya ₦600,000 da VAT ₦45,000. Yawancin 'yan kasuwa za su ce na saro ₦645,000, na sayar ₦860,000, ribata ₦215,000. Ba haka ba ne ga mai rajistar VAT. Harajin da ka biya wajen sari ba asararka ba ce, ana cire shi daga wanda ka karɓa wajen sayarwa, bambancin kake kai wa hukuma. Wanda ka karɓa kuma ba ribarka ba ce. Don haka riba ana lissafa ta ne tsakanin tsurar kuɗin sari da tsurar kuɗin sayarwa.

Da kamfanin ya biya ₦924,500, ka karɓi haraji ₦64,500, ka cire ₦45,000 da ka riga ka biya dila, ka kai wa hukuma ₦19,500. Ribarka kafin kuɗin mota da 'yan dako ₦860,000 ban da ₦600,000, wato ₦260,000. In kuwa maganar akantan ta tabbata, ka karɓi ₦60,000, ka cire ₦45,000, ka kai ₦15,000, ribarka ta sauko ₦200,000. Ka ga dukkan ₦60,000 ɗin daga ribarka ya fita, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata. Shi ya sa nake ganin kuskuren barin takardar farashi shiru ya fi kuskuren lissafi tsada nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo. A ce dilan bai ba ka rasit mai nuna VAT ba, ɗan guntun takarda ya rubuta maka ₦645,000 ya buga hatimi. Ba ka da ikon ka zauna ka raba wannan da 1.075 ka ce ₦45,000 haraji ne na biya. Zarewa tana aiki ne kawai inda aka tabbata an ɗora. Ƙila mutumin ba shi da rajista, bai karɓi haraji ba sam, kuɗin kayansa ke nan. Ko ya karɓa, ba ka da shaidar da mai binciken haraji zai yarda da ita. A wannan halin ₦60,000 ɗin gaba ɗaya za ka kai, ribarka ta koma ₦155,000. Saboda haka in kana sari da yawa, ka nemi takarda cikakkiya: sunan mai sayarwa da adireshinsa da lambar harajinsa, lambar takardar da kwanan wata, sunanka, kuɗin kaya, sannan kason haraji da adadinsa a layi daban. Irin wannan ce kai ma ya kamata ka riƙa bayarwa. Dilan da farashinsa ya ɗan fi sauƙi amma ba ya ba da ita, sau da yawa ya fi tsada in aka zauna lissafi.

Sai maganar ciniki, don mu ba ma rabuwa da neman ragi. A ce kun zauna da manajan, ya yarda VAT a kai ne, amma ya ce Alhaji a yanke kan, a bar shi ₦900,000, kai kuma ka sallama. Abin da mutane suke yi shi ne su bar haraji a ₦64,500, su cire ragin ₦24,500 duka daga kuɗin kaya. Wasu kuma su ce ai harajin aka rage, su bar kaya a ₦860,000 su rubuta VAT ₦40,000. Duka biyun ba daidai ba ne, na biyun ma ya fi haɗari, domin ba kai ba manaja ba wanda yake da ikon yi wa gwamnati ragi. Da zarar jimilla ta canza, sai a sake zarewa daga sabuwar jimillar. ₦900,000 a raba da 1.075 ya ba da ₦837,209.30, haraji ₦62,790.70. Ragin ya rabu ke nan, ₦22,790.70 daga wuyanka, ₦1,709.30 daga haraji, saboda kuɗin kayan da ake yi wa harajin ya ragu. In kuma ragin na kaso ne, kamar kashi 5 cikin ɗari, ka fara cire shi daga kuɗin kaya kafin ka ɗora haraji: ₦860,000 ya koma ₦817,000, VAT ₦61,275, jimilla ₦878,275. Ka nuna ragin a fili a kan takardar. In an riga an fitar da takardar farko, a soke ta ko a rubuta takardar ragi da ke nuni zuwa gare ta, kada a bar takarda na cewa ₦924,500 banki na cewa ₦900,000.

Tunda na ambaci banki, ga wani tarko da ke jiranka ranar biya. Kamfanoni sukan riƙe wani haraji daban daga kuɗin mai kawo kaya, wanda za ka ga an rubuta WHT a takardar biyansu. Wannan ba VAT ba ne, wani kaso ne na harajin ribarka da ake karɓa tun kafin shekara ta ƙare, kuma a kan tsurar kuɗin kaya ake lissafa shi, ban da VAT. A ce kashi 2 cikin ɗari suka riƙe. A kan ₦860,000 ya zama ₦17,200, alat ɗin da zai shigo wayarka ₦907,300 maimakon ₦924,500. Yaron shago ya ga alat, ya raba da 1.075, ya sami ₦844,000 cif ba ko kwabo, ya ce lissafi ya fita, haraji ₦63,300. Fitowar lamba sumul ba shaida ba ce. Harajin da ka karɓa yana nan ₦64,500 kamar yadda takardarka ta nuna, in ka kai rahoton ₦63,300 ka rage wa hukuma ₦1,200. Daga takardar ciniki ake zare VAT, ba daga alat ba. Shi kuma ₦17,200 ɗin ka bi sawunsa har ka ga shaidar sun kai shi da lambar harajinka, don kuɗinka ne da za a cire maka daga harajin shekara. In kuma ka ga sun lissafa kashi 2 ɗin a kan ₦924,500, sun riƙe ₦18,490, ka nuna musu sun yi wa VAT haraji, akwai ₦1,290 naka a wajensu.

Idan wata rana ma'aikatar gwamnati ka kai wa kaya, abin ya sake salo. Ma'aikatu da hukumomin gwamnati ba sa miƙa wa ɗan kwangila VAT, su suke riƙe shi su kai da kansu. Za ka rubuta ₦924,500 a takarda, amma ₦64,500 ɗin ba zai taɓa shiga asusunka ba. Wanda bai san haka ba sai ya ga alat ya sake zare 3 cikin 43 daga abin da an riga an zare, ya biya haraji sau biyu.

Ɓangare na biyu na zarewa shi ne rasit ɗin da kai ka karɓo, daga babban kanti ko otal, kana son shigar da shi littafi. A nan kuskuren da na fi gani shi ne raba jimillar ƙasa da 1.075 ba tare da duba abin da ke cikin kwandon ba. Ba kowane kaya ake ɗora wa kashi 7.5 ba. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa, masara, wake da doya, da magunguna, da littattafan karatu, ba a ɗora musu. A ce ka shiga wani kanti a titin Ahmadu Bello ka sayi shinkafa ta ₦60,000, da sabulu da turaren ɗaki da kwan fitila na ₦21,500, jimilla ₦81,500. In ka zare daga duka, za ka sami ₦5,686.05. Gaskiyar harajin kuwa a kan ₦21,500 ne kaɗai, ₦20,000 kuɗin kaya, ₦1,500 VAT. Ka ninka harajin kusan sau huɗu ke nan. Sai an ware masu haraji gefe guda tukuna a raba.

Akwai dabarar karanta rasit daga ƙasa zuwa sama wadda take warware yawancin irin wannan. Ka ɗauki adadin da aka rubuta a layin VAT, ka raba shi da 0.075, zai gaya maka kuɗin da aka yi wa harajin. A rasit ɗin kantin, ₦1,500 a raba da 0.075 ya ba da ₦20,000, nan take ka san shinkafar ba ta ciki. A otal ma haka. Ɗaki ₦40,000, an ƙara kuɗin hidima kashi 10, ₦4,000, layin VAT ya nuna ₦3,300. Ka raba da 0.075 ka sami ₦44,000, ka gane har da kuɗin hidimar aka haɗa aka yi wa haraji. Kuɗin hidima na otal ne, ba haraji ba ne, kada ka haɗa shi da VAT a littafinka. Duk wani caji da ka gani da wani suna daban, shi ma layinsa daban.

Ko kuma ka raba layin VAT da jimillar rasit ka ga kason da zai fito. In ya ba ka kusan 6.98 cikin ɗari, komai na ciki mai haraji ne kuma lissafin daidai. In ya gaza haka, akwai kayan da ba a ɗora wa ba, ko wani caji a ciki. In ya ba ka 7.5 cif, wanda ya rubuta rasit ɗin ya yi irin lissafin da ka yi, ya cire daga jimilla maimakon ya raba. Wannan na ƙarshen yana yawan fitowa a rasit ɗin hannu. Akwai kuma kuskure na biyu daban a na'urorin kanti da aka saita su ba daidai ba, inda aka shigar da farashi mai haraji a gurbin marar haraji. Alamar wannan ta biyun ita ce farashin da ke manne a jikin kaya ya ce ₦4,300 har da VAT, a wajen biya kuma a nemi ₦4,622.50. An ɗora sau biyu ke nan.

Bambancin kwabbai kada ya tayar maka da hankali. Kaya na ₦1,000 mai VAT a ciki, harajinsa ₦69.77. In ka sayar da guda 100 ka lissafa ɗaya-ɗaya, ₦6,977.00 za ka samu. In ka zare daga ₦100,000 a dunƙule, ₦6,976.74. Kwabo 26 ne tsakani, daga cike lamba ya zo. Ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta, ni a kan jimillar takarda nake yi. Bambancin da ya kai ɗaruruwa ko dubbai ne yake nuna an bi hanyar da ba ita ba.

Lambar 1.075 kuma ba ta kowane rasit ba ce, tana bin kason da aka ɗora ne a lokacin da kuma ƙasar. A Najeriya VAT ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5, ya zauna haka har 1 ga Fabrairu 2020 da ya koma 7.5. Sababbin dokokin haraji da suka fara aiki 1 ga Janairu 2026 sun bar shi a 7.5 ɗin, sai dai hukumar tara haraji ta tarayya da muka sani da FIRS ta koma NRS. In kana tona tsofaffin takardun kafin Fabrairun 2020, da 1.05 za ka raba, wato 1 cikin 21. Rasit ɗin da alhazai suke dawowa da shi daga Saudiyya na kashi 15 ne, a raba da 1.15. Ƙa'idar dai ɗaya ce, ka haɗa kason da 100, ka raba da wannan. Kuma harajin na tarayya ne, ba ofishin harajin jihar Kaduna ake kai shi ba. Rahoton kowane wata yana shiga ne zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, don haka kujerun da ka sayar a wannan watan, harajinsu na da ranar fita ko ka ji daɗin cinikin ko ba ka ji ba. Ni shawarar da nake ba masu shago ita ce ranar da kuɗi ya shigo a ware na harajin a wani asusu daban, don in ya kwana cikin jari, sari zai cinye shi.

Game da kamfanin nan, in takardun sun nuna ban da VAT ka faɗa, ka haɗa kwafinsu da takardar neman biyan ka mayar, cikin lalama. In shiru ne, kafin ka haƙura ka gwada magana ɗaya da akantan. Kamfani mai rajista wanda shi ma yake karɓar VAT a kan abin da yake sayarwa, yakan iya cire harajin da ya biya daga wanda zai kai, gwargwadon abin da doka ta ba shi dama, don haka ƙarin bai cika yi masa ciwo kamar yadda zai yi maka ba. Wani lokaci wannan kaɗai yakan sa a raba bambancin. In sun tsaya a kan ₦860,000, ka karɓi tsohuwar takardar ka soke ta, ka rubuta sabuwa: kujeru 20 a kan ₦40,000, kuɗin kaya ₦800,000, VAT kashi 7.5 ₦60,000, jimilla ₦860,000. Ka tabbata WHT ɗinsu a kan ₦800,000 suka lissafa, wato ₦16,000 in kashi 2 ne, alat ɗinka ya zama ₦844,000.

Takardar farashi ta gaba kuwa, layi uku za ka sa a ƙasanta kowane lokaci, kuɗin kaya, VAT, jimillar da za a biya, ko da a waya ka tura saƙon. In mai saye ya ce shi lamba ɗaya yake so, ka fara tsayar da abin da kake so ya zauna a hannunka, ka ninka da 1.075, ka ba shi wannan, ka rubuta a gefe cewa har da VAT. Kujerar da kake son ₦43,000 a kanta, ₦46,225 za ka faɗa, in ya nemi ragi daga nan za a fara sauka.